Rubutun da Ke Ɓoye a Bayan Hoton Shafi

Wani ɗalibi ya samu tsohon littafin da ya daɗe yana cigiya. An turo masa shi ta waya, fayil ɗin PDF mai shafi ɗari uku da ɗoriya, takardun sun yi ruwan ƙasa, har da hatimin laburare a shafin farko. Ya buɗe shi a kwamfuta, ya danna Ctrl+F, ya rubuta "jangali". Kwamfuta ta ce babu. Alhali ga kalmar nan ƙuru-ƙuru a layi na huɗu na shafin da ke gabansa.

Kwamfutar ba ƙarya ta yi masa ba. Abin da sikana ke fitarwa hoto ne, tamkar hoton biki ko na fasfo. Ɗigo-ɗigo ne miliyoyi, wannan baƙi, wancan fari, wancan ruwan toka. Idon mutum ne ke haɗa su ya ga harafi. Ita na'ura, shafin littafi da hoton akuya duk ɗaya ne a wurinta, sai an sa wata manhaja ta zauna ta dubi ɗigon nan ta ce wannan tarin "ja" ne, wancan "nga" ne. Wannan aikin shi ake kira OCR, wato gane haruffa daga hoto.

Da an karanta shafin, hanya ta rabu biyu. Ana iya zubar da hoton a riƙe rubutun da na'ura ta gano, a sake tsara shi da sababbin haruffa. To amma a nan littafin ya rasa kamanninsa: hatimi ya tafi, abin da wani mai karatu ya rubuta da fensir a gefe ya tafi, zane ya gusa, kuma duk kuskuren da na'ura ta tafka ya zama shi ne littafin. Hanya ta biyu ita ce wadda laburarori da ma'adanar takardun tarihi suka fi so. A bar hoton yadda yake, a haɗa masa rubutun da ba a gani.

Dabarar tana cikin tsarin PDF ɗin kansa. Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, kuma a cikin ƙa'idojinsa akwai hanyoyi takwas na zana rubutu a shafi, masu lamba 0 zuwa 7. Lamba 0 ita ce ta yau da kullum, a cika harafi da tawada. Lamba 3 kuwa cewa take a ajiye harafin a wurinsa amma kada a shafa masa komai. A cikin fayil, umarnin bai wuce wannan ba:

```
3 Tr
```

Harafin da aka ajiye haka yana nan, yana da wuri, yana da faɗi da tsawo, ana iya nemo shi, a ja linzami a kansa, a kwafe shi, manhajar da ke karanta wa makafi ma za ta furta shi. Ido ne kawai ba ya ganinsa. Saboda haka kowane shafi yana da rufi biyu: hoton da mutum ke kallo, da ɓoyayyen rubutun da kwamfuta ke bincikawa. Idan mai karatu ya nemi kalma ya ga an yi mata shuɗin fenti a shafi, ba hoton aka gane ba. Ɓoyayyiyar kalmar ce aka haska, ta kuma dace da inda tawadar take.

Dacewar nan lissafi ce. A ɗauki littafi mai girman A5, wato milimita 148 a faɗi da 210 a tsawo, wanda aka yi wa sikanin a 300 dpi, ma'ana ɗigo 300 a kowane inci. Hoton zai fito da ɗigo 1748 a kwance da 2480 a tsaye. Manhajar OCR ba kalma kaɗai take bayarwa ba, tana faɗin akwatin da ta tsince ta a ciki da kuma yadda ta amince da karatunta. A tsarin da ake kira hOCR, sakamakon kalma guda kan yi kama da haka:

```
<span class='ocrx_word' title='bbox 600 900 840 960; x_wconf 93'>jangali</span>
```

Wato kalmar ta fara daga ɗigo na 600 ta gefen hagu zuwa na 840, daga na 900 ta sama zuwa na 960, kuma na'ura ta ba kanta maki 93 cikin 100. PDF kuwa ba ya awo da ɗigon hoto. Yana raba inci gida 72, kuma daga ƙasan shafi yake ƙirgawa zuwa sama. Ɗigo 600 inci biyu ne, wato 144 a awon PDF. Tsawon shafin kusan 595 ne, gindin kalmar yana 230 daga sama, saboda haka za a dasa ta a wajen 365 daga ƙasa. Sannan a miƙe ta ko a matse ta har ta cika faɗin akwatin. Haka ake yi wa kowace kalma a kowane shafi. Idan aka ga shuɗin fenti yana sauka a gefen kalma ko a layin da ke ƙasanta, to an taɓa hoton bayan an yi OCR, ko an yanke gefensa, ko an juya shi, ko kuma an ruɗe wajen lambar dpi.

Rabin nasarar aikin tun a kan gilashin sikana ake samunta. Lamba 300 ita ce wadda masu aikin suka saba da ita ga rubutun littafi na yau da kullum. Idan haruffan ƙanana ne, irin na ƙamus ko na sharhin ƙasan shafi, a hau zuwa 400 ko 600. Ƙasa da 200, siraran sassan harafi sukan fara narkewa: "rn" ta manne ta zama "m", "e" ta rasa sandarta ta koma "c", ƙaramin "l" da lamba 1 su zama Hassan da Husaini. Gara kuma a ɗauki shafin da ruwan toka ko da kala maimakon baƙi da fari zalla, domin sikana mai yanke hukunci da kanta cewa wannan ɗigo baƙi ne wancan fari takan cinye rubutun da ya koɗe, ta kuma mai da tabon ruwa baƙin dunƙule. Wannan na da tsada wajen nauyi. Shafin A5 guda mai kala, ba a matse shi ba, ya kai megabayit 13, littafi mai shafi 200 ya haura gigabayit biyu da rabi. Shi ya sa ake ajiye asalin hotunan a gefe guda, a yi fayil ɗin rabawa da JPEG mai inganci.

Tsohon littafi yana da halayensa. Ba ya son kwanciya, sai layukan da ke kusa da ɗinki su lanƙwashe su shiga inuwa, kuma a nan ne kurakurai suka fi taruwa. Takardar da ta yi siriri tana nuna rubutun bayanta, na'ura ta riƙa tsinto haruffan da babu su. Maganin wannan mai arha ne: a sa baƙar takarda a bayan shafin da ake ɗauka, inuwar bayan sai ta dushe. Ga rabe shafi biyu da aka ɗauka tare, da miƙe wanda ya karkace, da yanke gefuna, akwai manhajar kyauta mai suna ScanTailor. Duk wannan gyara kafin OCR ake yin sa.

A ce an gama, ga hotuna 200 a jaka guda. Abin da ke fara kayar da sabon shiga shi ne suna. Idan an sa musu 1, 2, 3 har zuwa 200, kwamfuta za ta jera 10 da 100 kafin 2, littafi ya fito a hargitse. Sai a rubuta 001, 002, 003. Daga nan a haɗe su:

```
img2pdf shafi-*.jpg --imgsize 300dpi -o littafi.pdf
```

An zaɓi img2pdf ne domin tana zura JPEG cikin PDF yadda yake, ba ta kwance shi ta sake matsewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. JPEG kamar fotokwafin fotokwafi yake, kowane sabon matsi yana rage wani abu, kuma gefunan haruffa ne ke fara biya. Shi kuwa faɗin 300dpi da aka yi, amfaninsa ya fi fitowa ga hotunan waya, waɗanda galibi ke ɗauke da lambar 72, har shafin ɗan littafi ya fito da girman allon talla.

Mai karanta shafukan ita ce Tesseract. An fara gina ta a kamfanin Hewlett-Packard tsakanin 1985 da 1994, aka sake ta kyauta ga kowa a 2005, Google ya ɗauki nauyin ci gabanta daga 2006. Fitowa ta huɗu, a 2018, ta sauya salo: maimakon ta yanka layi harafi-harafi, sai ta riƙa karanta layin gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Wata manhajar, OCRmyPDF, ita ke ɗaukar PDF ta miƙa wa Tesseract shafi-shafi, ta karɓi sakamakon ta ɗinka shi a jikin asalin fayil ɗin.

```
ocrmypdf -l eng --clean --optimize 0 --output-type pdf --sidecar rubutu.txt littafi.pdf littafi-ocr.pdf
```

Kowane guntu a layin nan yana da dalili. `-l eng` harshen littafin ne, kuma idan harsuna biyu ne ana haɗa su, kamar `eng+fra`. `--clean` na share datti daga kwafin da na'ura za ta karanta kawai, hoton da mutum zai gani ba a taɓa shi. Yana da ɗan'uwa mai kama da shi, `--clean-final`, wanda ke sa sharar a fayil ɗin ƙarshe, kuma sharar nan ba ta san bambancin tabo da ɗan rubutun fensir ba. `--optimize 0` da `--output-type pdf` na hana a sake sarrafa hotunan. `--sidecar` kuwa na fitar da rubutun da aka gano a fayil na daban domin mutum ya karanta da idonsa. Akwai umarnai biyu da ya kamata mai son asalin kama ya yi hattara da su, `--deskew` da `--force-ocr`, domin dukansu suna sake zana shafin. Masu amfani da Acrobat na Adobe ma suna da irin wannan zaɓi: Searchable Image (Exact) shi ne ke barin hoto yadda yake, Editable Text and Images kuwa musanya haruffan littafin yake da waɗanda manhaja ta ƙera.

Wanda ke ganin tsoron taɓa hoto ya yi yawa, ya ji labarin 2013. Wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya lura cewa tsarin ginin da aka yi wa sikanin da wata na'urar Xerox WorkCentre ya fito da girman ɗakuna da ba su ne a takardar asali ba. Ya gwada da jerin lambobi, ya ga 6 na komawa 8. Ba OCR ba ne ya yi ɓarnar, a cikin hoton kansa lambobin suka sauya, tsaf-tsaf, babu alamar gyara. Tushen matsalar wata hanyar matse hoto ce mai suna JBIG2. Don rage nauyi, takan duba shafi ta ce waɗannan siffofi kamarsu ɗaya, sai ta ajiye guda ta riƙa manna ta a madadin sauran. Idan rubutu ƙarami ne, 6 da 8 sukan yi mata kama. Xerox ya fitar da gyara daga baya. JBIG2 na da salon da ba ya zubar da komai, kuma wannan ba laifi, amma mai zubarwar har yanzu yana nan a manhajoji da dama a matsayin zaɓin rage nauyin fayil. Ga littafin da ke da shekaru, kuɗi, ko awon magani, rangwamen megabayit bai kai wannan kasada ba.

Tabbatar da cewa hoton bai sauya ba abu ne na minti ɗaya. A gudanar da `pdfimages -list` a kan fayil ɗin farko da na ƙarshe, a gwama. Faɗi, tsawo, nau'in matsi da nauyin kowane hoto su zo daidai.

Rufi na biyu ya fi wuyar kamawa, tunda ba a ganinsa. Shafi na iya yin kyau kamar ranar da ya fito daga maɗaba'a, a bayansa kuwa shirme ne zalla. Ana yawan jin an ce manhaja na karatu daidai kashi 99 cikin 100, sai mutum ya ce ai shi ke nan. A lissafa tukuna. Shafi mai haruffa 2000 zai ɗauki kuskure 20. Idan kalma na da haruffa biyar a matsakaici, kusan kalma ɗaya cikin ashirin ta lalace, kuma kalmar da harafinta ɗaya ya kauce ta ɓace wa mai bincike gaba ɗaya. Sunayen mutane da na garuruwa, waɗanda su aka fi nema, su suka fi shan wahala, domin ba sa cikin jerin kalmomin da na'ura ta sani. Ga kuma kalmar da aka raba da karan ɗori a ƙarshen layi, wadda sau da yawa bincike ba ya haɗa ta. Ga shafin jarida mai ginshiƙi biyu ko uku, inda na'ura kan tsallaka daga wannan zuwa wancan ta cakuɗa labarai biyu. Abin da za a riƙe shi ne: idan bincike ya ce akwai, akwai, idan ya ce babu, ba hujja ba ce.

A littafin Hausa lamarin ya ƙara tsauri. Cikin harsuna sama da ɗari da Tesseract ke zuwa da su akwai Yarbanci, da Sawahili, da Amharik, da Larabci, amma babu Hausa. Mai yi wa tsohon bugun Magana Jari Ce ko shafin Gaskiya Ta Fi Kwabo aiki yakan ari Turanci ne, kuma na'urar da aka horar da Turanci ba ta da ƙ, ɗ da ɓ a jerin haruffanta, ballantana ƴ da ake rubutawa a Nijar. Ba za ta iya fitar da abin da ba ta da shi ba. Sai ta zaɓi mafi kusa: galibi k, d da b, wani lokaci kuma wani harafin ko wata alama da ba ta da alaƙa, musamman inda lanƙwasar ta yi kauri. Mai karatu na ganin "ƙasa" a hoto, ya rubuta "ƙasa" a akwatin bincike, a ce masa babu, domin abin da ke kwance a bayan hoton "kasa" ne.

Nan take zuciya kan ce a sa kwamfuta ta bi ta musanya su. Ba ya yiwuwa kai tsaye. "Kafa" da "ƙafa" duk kalmomi ne, haka "daure" da "ɗaure", "bata" da "ɓata", "kaya" da "ƙaya". Sai wanda ya karanta jimlar ne zai san ko mutumin ya daure ne ko an ɗaure shi. Abin da ake iya musanyawa ido rufe shi ne kalmomin da ba su da tagwaye, irin su "daya" zuwa "ɗaya", ko "karshe" zuwa "ƙarshe", kuma waɗannan ma suna rage aiki sosai.

Mafita ta danganta da darajar littafin. Mafi sauƙi, a bar shi haka a gaya wa masu amfani su nemi kalma ba tare da lanƙwasa ba, ko su nemi guntunta da ba shi da harafi mai lanƙwasa. A ganin mai wannan rubutu, ga yawancin littattafai hakan ya wadatar, muddin an rubuta gargaɗin a inda za a gani. Na biyu, a gyara da hannu. Manhajar gImageReader na nuna hoton a gefe guda da rubutun hOCR a ɗaya gefen, mutum ya gyara kalma akwatinta na nan inda yake, sannan ya fitar da PDF mai ɓoyayyen rubutu. Aiki ne na haƙuri, ya dace da ɗan littafi mai muhimmanci. Na uku shi ne a koya wa Tesseract Hausa, da kayan aikin da ake kira tesstrain: a yanko layuka daga shafukan, kowane hoton layi a haɗa shi da fayil ɗin da mutum ya buga daidai abin da ke ciki, a ɗora horon a kan samfurin da ya riga ya san haruffan boko. Wannan ya fi dacewa da mai tarin littattafan da suka fito daga maɗaba'a guda, da irin haruffa guda, domin wahalar sau ɗaya ce.

Ajami kuwa wani babi ne. Samfurin Larabci na Tesseract an horar da shi ne da bugun inji, shi kuwa Ajami galibi rubutun hannu ne, da wasula cike, a salon da ke sa wa fa ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Na'urar da ta saba da bugun gabas, idan ta ga ƙaf ɗinmu, fa za ta kira shi. A irin wannan, ɓoyayyen rubutun da ba daidai ba ya fi rashinsa illa, gara a yi hoto mai kyau a bar shi.

Kafin a raba fayil, mai aikin da ya san abin da yake yi yakan zaɓi shafuka uku ko huɗu masu wuya, ɗaya mai lanƙwasa kusa da ɗinki, ɗaya mai jadawali, ɗaya mai ƙananan haruffa, ya ciro abin da ke bayansu:

```
pdftotext -f 47 -l 47 littafi-ocr.pdf -
```

Sai ya ajiye littafin takarda a buɗe a shafi na 47, ya bi layi-layi da yatsa yana ƙirga kurakurai. Daga nan ya buɗe PDF ɗin ya danna Ctrl+A, ya duba ko shuɗin ya rufe layukan daidai, ko akwai sakin layin da ya tsallake fari fat, alamar na'ura ta ɗauke shi zane. Idan shafi ya fi ƙarfin gyara, a koma kan sikana a sake ɗaukar wannan shafin kaɗai, da baƙar takarda a bayansa, a sa masa lambarsa ta dā, 047, a sake haɗawa.